Shayi biyu a kan tire ɗaya: na sanamakka da na sukari

A Mai Wurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ba ka shiga gida ka fita ba a aje maka shayi ba. Haka abin yake a ƙauyukan Hausawa na Jazira har zuwa Damazin. Da asuba na madara, da hantsi ja, bayan la'asar wani, bayan magariba kuma a sake ɗora tukunya. Yanzu wani shayin ya shigo tire ɗin, wanda 'yan mata ke saya a ƙunshi, wai yana wanke ciki yana narkar da tumbi. Waɗannan biyun nake so in ɗora a ma'auni: ƙara shayin rage ƙiba, ko rage sukarin shayin da muka saba.

In ka buɗe ƙunshin, sau da yawa abin da ke aiki a ciki sanamakka ne, ɗan uwan filaskon da kakanninmu suka sani a ƙasar Hausa. Sudan na daga cikin manyan masu fitar da shi waje, har abin kan ba ni dariya: ganyen dajinmu ne ake sa wa kwali mai hoton siririyar mace, a dawo mana da shi da tsada. Maganin bushewar ciki ne na gaskiya. Sinadarinsa ba ya farkawa sai ya isa babban hanji, awa 6 zuwa 12 bayan an sha, shi ya sa mai sha da dare take kwana lafiya ta tashi da murɗar ciki. To ga inda zancen yake. Kisra da asida da man miya duk a ƙaramin hanji jiki ke tsotse amfaninsu, tun kafin a kai wurin da ganyen ke aiki. Ya iso kasuwa bayan ta watse. Abin da ya tarar shi ne ruwa da dusar abinci, su yake korowa. A 1983 likitoci a Amurka sun auna wannan, suka ga ko da an yi gudawa mai tsanani ta lita da yawa, abin da ya kuɓuce wa jiki daga kalorin abincin bai wuce kusan kashi 12 cikin 100 ba.

Wata 'yar ƙanwata da ake shirin bikinta ta sha shi kwana biyar a jere. Ta zo tana murna.

"Kawu, kilo biyu na sauke!"

Na ce, "Madalla, 'yata. Yanzu aje shi kwana uku, ki ci abincinki ki sha ruwa, ki sake hawa sikelin."

Rana ta huɗu kilo biyun suna nan daram. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli, kuma da haka ake gane ƙaryar: nauyin da ya tafi cikin kwana biyu ya dawo cikin kwana biyu ruwa ne. A kwanakin da take shan sa leɓenta ya bushe, fitsarinta ya yi ja ya ragu, in ta miƙe jiri na ɗibarta, da dare ƙafa na ɗaure mata. Ɗaurewar nan alama ce ta zubar gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A zafin Afrilu, a ƙasar da kwalara ta addaba tun bayan ɓarkewar yaƙi a 2023, mutum ya sayi zawo da kuɗinsa ganganci ne. Ko don bushewar ciki, ba a son a wuce mako guda ana shan sa ba da shawarar likita ba.

Ƙwayoyin rage ƙiba da ake sayarwa ba takarda sun fi wannan duhu. An sha kama waɗanda aka rubuta wa "ganye zalla" ɗauke da sibutiramin, maganin da Turai da Amurka suka janye a 2010 don yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Wadda ta sha ƙwaya ta ji zuciya na dukan tara-tara, baki ya bushe, barci ya ƙaurace, ta daina nan take. Kuma a kasuwa ɗaya ake sayar wa ƙawarta ƙwayar ƙara ƙiba irin su dekisametazon, mai kumbura fuska da tayar da ciwon sukari.

Sai ɗaya ɓangaren ma'aunin, wanda ba shi da kwali balle hoto. Ƙaramin cokalin sukari giram 4 ne, kalori 16, in ba a yi masa tozo ba, mu kuwa da tozo muke ɗiba. A ce 'yar nan tana shan kofi huɗu a yini, kowanne cokali uku. Cokali 12 ke nan, giram 48, kalori kusan 190, ba a lissafa da zoɓon da aka zaƙe ko lemon kwalba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ce kada sukarin babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a rana, giram 25 ma ya fi. Shayi kaɗai ya cinye mata rabon yini.

In ta koma cokali ɗaya a kofi, ta rage cokali 8, wato kalori 128 kullum. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Raba ka gani: kwana 60. Kilo ɗaya a wata biyu, daga baya ma saurin ya ragu yayin da jiki ke sabawa, kuma da sharaɗin ba ta rama da zalabiya ba. Na san wannan ba ya burge amaryar da saura mata mako uku. Amma shi wannan kilon kitse ne, kofin ruwa ba ya maido shi. Wahalarsa a harshe take da kuma zumunci, don a yankin da masana'antun sukari na Junaid da Sennar suke, miƙa wa baƙo shayi salam kamar rowa ce. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a kawo sukarin daban a mazubinsa, a riƙa zare rabin cokali duk mako har baki ya saba.

Tumbin fa? Babu ɗayan biyun da ke zaɓen wuri. Kitse in zai ƙone, sai ya narke ya shiga jini daga ko'ina a jiki, gado da jinsi ne ke tsara inda zai fara barin. A 2011 an sa mutane atisayen ciki na mako shida a wani gwaji a Amurka. Naman cikin ya ƙara juriya, kitsen da ke kansa bai gusa ba. Ɗamara da leda da shafa mai zafi gumi kawai suke fitarwa. Sai dai akwai sa'a guda: kitsen can ciki da ke kewaye da hanji da hanta, wanda ya fi haɗari, yana saurin amsawa in nauyin jiki gaba ɗaya ya fara sauka, musamman da tafiyar ƙafa ta kullum. Don haka na ce wa 'yar tawa ta bar sikeli ta nemi igiya. Ta auna tsawonta, ta ninka biyu, ta zagaya cikinta daidai saman cibiya da safe kafin karin kumallo. In bakin igiyar ya haɗu, kewayen cikin bai wuce rabin tsawo ba, ba laifi.

Ba kowane tumbi ne kitse ba kuma. Manomin da ya yi shekaru yana shiga magudanan ruwan Jazira, hannuwa da ƙafafu sun rame, ciki ya ɗaure tamau kamar ganga, mai yiwuwa tsargiyar hanji ce ta taɓa masa hanta da saifa har ruwa ya taru. Shi wannan, hoton ciki da gwajin bayan gida yake bukata a asibitin Sennar ko Wad Madani, sanamakka sai dai ya ƙara kwantar da shi.