Yajin Kano a kasuwar Kumasi: ta wace ƙofa ƙaramin kamfani zai shiga?

A ce ga wani ƙaramin kamfani a Kano mai ma'aikata 15, yana haɗa yajin tsire yana zubawa a leda mai tambari, kuma yana da lambar NAFDAC. Matafiya sun fara kai yajin Gana a matsayin tsaraba, har masu gasa nama a zangon Kumasi da unguwar Nima ta Akara suna aikowa a ƙaro musu. Mai kamfanin na son shiga wannan kasuwa da gaske. Masana kasuwancin ƙasa da ƙasa za su nuna masa ƙofofi huɗu: ya riƙa tura kaya daga gida, ko ya ba wani lasisi ya haɗa yajin a can, ko ya ba da hayar sunansa da tsarin sana'arsa, ko ya kafa kamfanin haɗin gwiwa da ɗan ƙasar. Abin da ya raba su shi ne abin da zai fita daga hannunsa a kowace ƙofa, da kuma ko zai iya dawo da shi idan abu ya ɓaci.

A tura kaya, ledar yaji ce kawai ke barin hannunsa. Sirrin haɗin yana nan Kano, injinansa na nan, shi ke duba kowane buhun barkono da ƙuli-ƙuli. Aikin takardu ne ke da yawa: rajista da hukumar NEPC mai kula da fitar da kaya, cike fom ɗin NXP ta banki, da yi wa yajin rajista a hukumar abinci da magunguna ta Gana, domin lambar NAFDAC ba ta wadatar a can. Idan ya samu shiga tsarin ETLS na ECOWAS, kayansa za su shiga ba tare da harajin kwastam ba, ko da yake sauran haraji na cikin gida suna nan. Dokar Babban Bankin Najeriya kuma ta ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180.

Mu yi lissafi na misali. Leda ɗaya ta ci masa naira 1,000 kafin ta bar masana'anta, ya sayar wa dilan Kumasi a kan naira 1,600, mota da takardu da ɓata lokaci a iyakokin Seme da Aflao suka cinye 200. Saura 400. Idan yana tura leda 5,000 a wata, ribarsa naira miliyan 2 ke nan. Haɗarin hanya kuma nasa ne. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, duk mai dogaro da mota ya tsaya cik. Sai kuma canjin kuɗi: idan an yi ciniki da sidi, aka biya bayan wata biyu, faɗuwar sidi kaɗan na iya shafe wannan 400 ɗin.

Inda ƙananan kamfanoni suka fi rauni a nan shi ne wajen dila. Fataken goro na da ba sa shiga kasuwar Salaga sai ta hannun maigidan da suka sauka wurinsa, kuma har yau baƙo na buƙatar irin wannan mutum. Kuskuren shi ne a ba shi ikon Gana gaba ɗaya, ba wa'adi, ba adadin da dole ya sayar. Yarjejeniya mai hankali za ta ce Kumasi kaɗai, shekara 1, leda kaza a wata, rabin kuɗi kafin a loda mota. Alamar cewa tafiya ta fara karkacewa ita ce dila ya ƙi faɗin shagunan da yake kai wa, ko odarsa ta tsaya a wuri ɗaya alhali masu gasa nama na kukan kaya sun yanke.

Lasisi yana da daɗin ji, domin ba mota, ba iyaka, ba jari. Wani mai masana'anta a Gana zai haɗa yajin da sunan kamfanin Kano, ya riƙa biyan kaso. A ce an daidaita a kan kashi 5 cikin 100 na farashin sari, leda kuma tana fita a kan abin da ya yi daidai da naira 2,000. Naira 100 ke nan a kowace leda. Sai mai lasisin ya sayar da leda 20,000 a wata kafin mutumin Kano ya ga miliyan 2 ɗin da leda 5,000 ke ba shi ta mota. Kuma adadin da aka sayar, a littafin wancan mutumin yake.

Abin da ya fi damuna da wannan ƙofa shi ne, dukiyar mai yaji duka a gwargwadon haɗin take: citta nawa, kanumfari nawa, masoro nawa. Ranar da ya miƙa wannan takarda, ya koya wa wani sana'arsa, kuma bayan wa'adi ya cika babu kotun da za ta cire ilimin daga kan mutumin. Coca-Cola ta daɗe da magance wannan: tana sayar wa masu cika kwalba ruwan haɗin ne a shirye, ba ta ba su sirrinsa. Mai yaji zai iya bin wannan hanya, ya riƙa tura garin kayan ƙamshin a haɗe daga Kano, a can a ƙara ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono a zuba a leda. Nauyin da ke hawa mota ya ragu sosai, sirri kuma bai fita ba.

Kafin duk wannan akwai tambari. Rajistar da aka yi a Abuja ba ta kare sunan a Akara, sai an sake yi a can, kuma da sunan kamfanin, kada a bar wa dila ya yi da nasa. Ga mai hangen Nijar ko Kamaru ko Cadi akwai sauƙi, domin rajista ɗaya a ofishin OAPI da ke Yawunde tana aiki a ƙasashe 17.

Hayar suna da tsari, wadda ake kira farancayis, ita ce hanyar da KFC ta shigo Najeriya a 2009. Ana ba da suna, da fasalin shago, da horon ma'aikata, da littafin yadda ake komai, sannan a riƙa zuwa duba aiki. Wannan ta mai jerin shagunan tsire ce da ya riga ya gwada tsarinsa a wurare da yawa. Mai sayar da yaji a leda ba shi da tsarin da zai ba da haya, kuma kuɗin jirgin zuwa duba shago ɗaya zai cinye kason.

Haɗin gwiwa ya fi kowace ƙofa nauyi. Ta nan ne kamfanin Fijo na Faransa da gwamnatin Najeriya suka kafa masana'antar da ta fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, wato hanya ce ta masu dogon numfashi. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta sanya wa baƙon da zai haɗa gwiwa da ɗan ƙasa jarin aƙalla dala 200,000, ɗan ƙasar kuma ya riƙe aƙalla kashi 10 cikin 100. Mai saye da sayarwa kawai, dala miliyan 1 aka yanka masa, kuma rikicin wannan doka ne ya sa aka kulle shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Dokar ta ɗauke wannan sharaɗi ga masu masana'anta, don haka wanda zai niƙa yaji a Kumasi ya fi wanda zai buɗe shagon sari samun sassauci.

Ko da jarin ya samu, rabon 50 da 50 da abokai suka fi so shi ne mafi haɗari, domin ranar da aka saɓa kan farashi ko sayen sabon inji babu mai rinjaye. Dole tun farko a rubuta wa ke sa hannu a asusun banki, yadda za a kimanta kason wanda zai fita, da cewa tambarin na kamfanin Kano ne, aro aka ba haɗakar.

Da ni ce zan ba mai yajin shawara, zan ce ya yi rajistar tambari a Gana, ya tura kaya ta hannun dila na shekara 1 ko 2, yana rubuta kuɗin hanya na kowace leda. Idan oda ta girma har kuɗin mota da jinkirin iyaka suka fara cinye rabin ribar, lokacin neman mai masana'anta a Kumasi ya yi, a kan sharaɗin garin kayan ƙamshi zai ci gaba da zuwa daga Kano.