Ma'auni ɗaya ga maza da mata: yadda ake tantance daidaitonsa

Akwai abubuwan da ba a iya ɗora su a kan sikeli, kamar damuwa, fargaba, gamsuwa da aiki ko yarda da kai. Masu bincike suna auna su ne da jerin tambayoyi: a ba kowace amsa maki, a tara makin, a ce wannan shi ne matsayin mutum. Daga nan sai a kwatanta matsakaicin makin maza da na mata. Wannan kwatancen ba ya da inganci sai idan tambayoyin suna aiki iri ɗaya a wajen ɓangarorin biyu, wato namiji da mace da ke kan matsayi ɗaya a ainihin abin da ake aunawa su kasance ana sa ran maki ɗaya daga gare su. Wannan sharaɗin shi ake kira daidaiton awo, kuma akwai tsararriyar hanyar gwada shi.

Sikelin kasuwa yana iya yin kuskure ta hanya biyu. Wani allurarsa tana kan rabin kilo tun ba a ɗora komai ba, don haka duk abin da aka auna sai ya ƙaru da rabin kilo. Wani kuma daga sifili yake farawa, amma kowane kilo ɗaya sai ya nuna shi kilo ɗaya da kwata, kuskuren yana girma gwargwadon nauyin kaya. Idan aka auna hatsin wani da sikeli mai kyau, na wani da mai lahani, bambancin da aka gani ba na hatsi ba ne kaɗai, har da na sikeli. Tambaya a cikin ma'auni tana iya zama sikeli mai kyau ga maza, mai lahani ga mata, ko akasin haka.

Sanannen misali shi ne ma'aunin ciwon damuwa mai suna CES-D, wanda Lenore Radloff ta wallafa a Amurka a shekarar 1977. Yana da tambayoyi 20 kan yadda mutum ya ji a makon da ya gabata. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimilla daga 0 zuwa 60, kuma an saba ɗaukar maki 16 a matsayin iyakar da ke nuna mutum yana bukatar a ƙara duba shi. Ɗaya daga cikin tambayoyin tana kan yawan fashewa da kuka. Binciken Stommel da abokan aikinsa a 1993, da na Cole da abokan aikinsa a 2000, sun nuna cewa mata sun fi maza amsa wannan tambayar da maki mai yawa ko da matsayinsu na damuwa ɗaya ne. Tambayar tana auna damuwa, tana kuma auna wani abu na daban: yadda al'ada ta yarje wa kowane jinsi ya yi kuka ko ya faɗi cewa ya yi.

Don a gano irin wannan, ana ɗaukar cewa kowace amsa ta ƙunshi abubuwa kamar haka:

```
amsa = mafari + (nauyi × matsayi) + kuskure
```

Matsayi shi ne ainihin damuwar mutum, wadda ba a gani. Nauyi shi ne yawan da amsar ke ƙaruwa idan damuwa ta ƙaru da mataki ɗaya. Mafari shi ne amsar da ake sa rai a lokacin da matsayi yake kan sifili, kamar inda allurar sikeli take zaune. Kuskure kuma shi ne ragowar da ba ta da alaƙa da damuwar. Karl Jöreskog ne ya shimfiɗa hanyar ƙiyasta waɗannan a rukunoni da yawa lokaci guda a 1971, William Meredith kuma ya fayyace matakan daidaiton a 1993. Ana bin matakan ɗaya bayan ɗaya, kowane yana ƙara tsauri a kan na baya.

Mataki na farko shi ne daidaiton tsari. Abin da ake dubawa kawai shi ne ko tambayoyin suna haɗuwa a rukuni iri ɗaya a wajen maza da mata. Radloff ta samu cewa tambayoyin CES-D sun kasu kashi huɗu: baƙin ciki, jin daɗi, alamun jiki kamar rashin barci da rashin son abinci, da matsalar mu'amala da mutane. Idan wannan kason ya bayyana a wajen mata amma ya wargaje a wajen maza, to ma'anar abin da ake aunawa ta sha bamban tun daga tushe, babu amfanin ci gaba.

Mataki na biyu shi ne daidaiton nauyi. A nan ana tilasta wa lissafin ya ba kowace tambaya nauyi ɗaya a ɓangarorin biyu, a ga ko zai ci gaba da dacewa da amsoshin da aka tattara. A ƙaddara, don misali, cewa mafarin tambayar kuka 0.2 ne ga kowa, amma nauyinta 0.3 ne ga maza, 0.6 ga mata. A matsayi na 1 namiji zai samu 0.5, mace 0.8. A matsayi na 2 namiji zai samu 0.8, mace 1.4. Tazarar ta tashi daga 0.3 zuwa 0.6, kamar sikelin nan mai ƙara kwata a kowane kilo. Idan an tsallake wannan matakin lafiya, ana iya kwatanta alaƙa, misali ko rashin aikin yi yana tafiya da damuwa da ƙarfi ɗaya a wajen maza da mata. Har yanzu ba a kai ga kwatanta matsakaicin maki ba.

Mataki na uku shi ne daidaiton mafari, kuma a nan ma'aunai da yawa suke tuntuɓe. A sake ƙaddarawa cewa nauyin tambayar kuka 0.5 ne ga kowa, amma mafarinta 0.2 ne ga maza, 0.6 ga mata. A matsayi na 1 namiji zai samu 0.7, mace 1.1. A matsayi na 2 zai samu 1.2, ita 1.6. Ko'ina tazarar 0.4 ce. A cikin maki 60 wannan kaɗan ne, amma idan tambayoyi uku suka karkata haka ta fuska ɗaya, tazarar ta wuce maki guda. Ga mutanen da ke bakin iyaka, wannan ya isa mace ta samu 16 a tura ta a duba ta, namiji mai irin halin da take ciki ya samu 15 a sallame shi. Sai an tabbatar da daidaiton mafari ne ake da hujjar cewa wane jinsi ya fi wane damuwa.

Mataki na huɗu yana neman girman kuskuren kowace tambaya ma ya zama ɗaya. Masu bincike da dama suna tsayawa a na uku, domin ya wadatar wajen kwatanta matsakaicin ɓoyayyen matsayi.

A aikace manhaja ce take yin lissafin. A ƙunshin lavaan na harshen R, matakai ukun farko, da gajeren ma'auni mai tambayoyi biyar, suna zuwa kamar haka, inda d yake ɗauke da amsoshin da aka tattara:

```r
library(lavaan)
m  <- 'damuwa =~ t1 + t2 + t3 + t4 + t5'
f1 <- cfa(m, data = d, group = "jinsi")
f2 <- cfa(m, data = d, group = "jinsi", group.equal = "loadings")
f3 <- cfa(m, data = d, group = "jinsi",
          group.equal = c("loadings", "intercepts"))
```

Bayan kowane mataki ana duba ko dacewar lissafin da amsoshin ta lalace. Ɗaya daga cikin alƙaluman da ake amfani da su shi ne CFI, wanda ke tsakanin 0 da 1, kuma kusantarsa da 1 alama ce ta dacewa. Cheung da Rensvold sun ba da shawara a 2002 cewa idan CFI ya ragu da fiye da 0.01 daga mataki zuwa na gaba, a ɗauka daidaito bai tabbata ba. A ce an samu 0.952 a matakin farko, 0.950 a na biyu, 0.931 a na uku. Raguwar farko 0.002 ce, ba matsala. Ta biyu 0.019 ce, ta haura iyaka, don haka akwai tambayar da mafarinta ya bambanta. Sai a nemo ta, a sake ta ta ɗauki mafari daban a kowane jinsi, sauran kuma a bar su a ɗaure. Idan sakin tambayar kuka ya maido da CFI zuwa 0.946, raguwar ta koma 0.004, an gano inda lahanin yake.

Wannan yanayin ana kiransa daidaito na wani sashe, kuma Byrne, Shavelson da Muthén ne suka bayyana shi a 1989. Da shi ana iya kwatanta ɓoyayyen matsayin maza da mata ta cikin lissafin, domin tambayoyin da suka daidaita su ne ke riƙe da awon. Amma jimillar maki da aka tara da hannu tana nan da karkatarta muddin tambayar tana ciki. Mafita ita ce a cire ta, ko a sake mata lafazi, ko a ƙididdige sakamakon da ita da kuma babu ita a ga ko hukuncin ya canza.

Gwajin yana da iyakoki. Na farko, yana gano tambayar da ta saɓa wa 'yan'uwanta ne kawai. Idan duk tambayoyin suka karkata tare, misali maza suna rage kowace amsa saboda gudun a ga gazawarsu, lissafin ba zai iya raba wannan da ƙarancin damuwa na gaskiya ba. Na biyu, idan mutanen da aka tambaya kaɗan ne, bambanci na gaske yana iya ɓuya, sai a ɗauka an samu daidaito alhali ƙarfin ganowa ne babu. Shi ya sa ake son ɗaruruwan mutane a kowane ɓangare. Na uku, amsa mai zaɓi huɗu jeri ce kawai, ba a da tabbacin tazarar 0 zuwa 1 daidai take da ta 2 zuwa 3, don haka ya fi kyau a yi amfani da hanyar lissafin da aka tanada domin irin waɗannan amsoshin. Na huɗu, lissafi yana nuna tambayar da ta karkata amma ba ya faɗin dalili. Dalilin sai an zauna da maza da mata an ji yadda kowa ya fahimci tambayar.

Daidaiton da aka samu a wuri ɗaya kuma ba ya bin ma'aunin zuwa wani wuri. Idan aka fassara CES-D zuwa Hausa, kalmomi sun canza, masu amsawa sun canza, kunya da abin da ake ganin ya dace namiji ya faɗa wa baƙo su ma sun canza, don haka dole a sake gwajin daga matakin farko. Haka kuma tabbatar daidaito ba ya nufin makin maza da na mata zai zo ɗaya. Abin da yake tabbatarwa shi ne duk bambancin da ya rage bayan gwajin ana iya jingina shi ga mutanen, ba ga tambayoyin ba.