Mutum Ɗaya, Ayyuka Uku, Mako Guda: Yadda Ake Daidaita Nauyin Aiki a Jadawalin Gini

Daidaita nauyin aiki, a ilimin tsara ayyuka, shi ne sake jera ranakun da za a yi kowane aiki ta yadda ba za a buƙaci wani ma'aikaci ko wata na'ura fiye da abin da za su iya bayarwa a rana ɗaya ko a mako ɗaya ba. Matsalar da yake warwarewa sananniya ce ga ƙananan 'yan kwangilar gini a Jos, inda kamfani kan riƙe wuraren aiki biyu ko uku a lokaci guda, yana da leburori da magina da dama, amma ƙwararren mai aikin lantarkin da ya amince da shi mutum ɗaya ne tak. Ana rubuta jadawalin kowane wuri daban, kowanne kuma ya yi kyau a takarda, sai ranar Litinin ta zo a tarar an rubuta sunan mutum ɗaya a wurare uku.

Asalin wannan giɓi yana cikin tsarin lissafin jadawalin kansa. Hanyar da kamfanonin DuPont da Remington Rand suka ɓullo da ita a Amurka a 1957, ƙarƙashin Morgan Walker da James Kelley, tana duba abu biyu ne kawai, wato tsawon kowane aiki da kuma aikin da dole ya riga shi. Daga nan ake gano jerin ayyukan da ba sa jure jinkiri, waɗanda idan ɗayansu ya makara da kwana ɗaya to ranar miƙa aikin gaba ɗaya ta makara da kwana ɗaya, sannan a gano sauran da suke da rarar lokaci, wato adadin kwanakin da za a iya jinkirta fara su ba tare da an taɓa ranar kammalawa ba. Abin da lissafin bai tambaya ba shi ne wa zai yi aikin, domin ya ɗauka cewa duk ranar da aiki ya isa farawa akwai hannun da zai kama shi. Daidaita nauyi shi ne matakin da ake ƙarawa bayan haka don a shigar da gaskiyar cewa ma'aikata ƙidayayyu ne.

A ɗauki misalin wani kamfani mai wuraren aiki uku, wanda mai lantarkinsa ke aikin awa 8 a rana daga Litinin zuwa Juma'a, wato awa 40 a mako. A Rayfield ana so ya shimfiɗa bututun waya a tsakanin rodin dakin kafin a zuba kankare, aikin kwana biyu ne, kuma ba shi da rarar lokaci ko kaɗan, domin an riga an yi hayar injin kwaɓa kankare an kuma kira leburori ranar Laraba. A Farin Gada ana so ya ɗaura allon rarraba wuta ya gwada layukan wani gida da ake shirin miƙa wa mai shi, shi ma kwana biyu, da rarar kwana ɗaya. A Bukuru kuwa zura waya ne a jerin shaguna, kwana uku, da rarar kwana huɗu, saboda masu fenti ba za su shiga da wuri ba. Duka ukun an sa su fara ranar Litinin.

Mataki na farko shi ne a tattara duk ayyukan mutumin a takarda ɗaya, a haɗa awanninsa rana-rana. Jimillar ta kama awa 56 a makon da ke da awa 40, wato kashi 140 cikin ɗari na ƙarfinsa. Amma jimillar mako tana ɓoye mafi munin lamarin, domin idan aka bi rana-rana za a ga Litinin awa 24, Talata awa 24, Laraba awa 8, Alhamis da Juma'a kuma babu komai. Ko da jimillar ta tsaya a awa 40 cif, mutum na iya nutsewa a farkon mako ya zauna haka nan a ƙarshensa, shi ya sa duba nauyi a ma'aunin mako kaɗai ba ya wadatarwa.

Abin da yawancin masu kula da aiki ke yi idan suka ga haka shi ne su ce ya riƙa leƙa kowane wuri kullum, don kada wani mai gini ya ga kamar an yi watsi da shi. Wannan ita ce mafi munin mafita, kuma lissafi ya isa ya nuna hakan. Idan ya raba kowace rana gida uku daidai, aikin Rayfield da na Farin Gada, waɗanda kowannensu ke cin awa 16, ba za su ƙare ba sai a rana ta shida, na Bukuru kuma a rana ta bakwai. Idan kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na farko zai ƙare a rana ta biyu, na biyu a rana ta huɗu, na uku a rana ta bakwan nan dai. Babu aikin da ya amfana da rabon, biyu sun yi asara mai yawa, kuma wannan kafin a cire lokacin da hanya za ta ci, alhali Farin Gada tana arewacin gari, Rayfield da Bukuru kuma suna kudu, ga kwance kayan aiki da sake ɗaure su sau uku a wuni.

Ka'idar da aka fi amfani da ita wajen jerawa ita ce a ba da fifiko ga aikin da ya fi ƙarancin rarar lokaci. Bisa wannan, Rayfield za ta ɗauki Litinin da Talata, Farin Gada ta ɗauki Laraba da Alhamis, Bukuru kuma ta fara Juma'a ta ƙare Talatar mako mai zuwa. Yanzu kowace rana awa 8 ce, nauyi ya daidaita, amma an biya farashi iri biyu da ya wajaba a faɗa wa waɗanda abin ya shafa. Na farko, an jinkirta Farin Gada da kwana biyu alhali rararta kwana ɗaya ce, don haka ranar miƙa gidan ta matsa da kwana ɗaya. Na biyu ya fi ɓoyuwa: an jinkirta Bukuru da kwana huɗu, wato an cinye rararta ƙurmus, ta yadda aikin da a da yake da sarari yanzu ya shiga sahun waɗanda ba sa jure jinkiri. Idan mai lantarkin ya kwana da zazzaɓi ranar Alhamis, masu fenti a Bukuru za su ji a jikinsu, duk da cewa babu wata alaƙa ta gini tsakanin gidan Farin Gada da shagunan Bukuru in ban da mutumin da ya haɗa su. Irin wannan sarƙa da ma'aikaci ɗaya ke ƙullawa tsakanin ayyuka ita ce Eliyahu Goldratt ya gina littafinsa na 1997, Critical Chain, a kanta.

Akwai wata hanya mai kama da daidaita nauyi da ake yawan rikita su, wadda a cikinta ake matsar da ayyuka a cikin rararsu kawai, ba a yarda ranar kammalawa ta motsa ba. Idan aka bi ta a wannan misali, Farin Gada za ta koma Talata da Laraba, Bukuru ta fara Alhamis, amma ranar Talata za ta ci gaba da ɗaukar awa 16, domin Rayfield da Farin Gada sun haɗu a cikinta kuma babu wadda za ta iya ƙara matsawa. Wannan rana guda ita ce ainihin girman matsalar, wato awa 8 na aikin gwani da babu mai yin su, kuma gano ta yana sauƙaƙa shawara ƙwarai, domin ɗan kwangila ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa.

Zaɓin da ke gabansa uku ne. Zai iya kiran mai gidan Farin Gada tun ranar Litinin ya nemi ƙarin kwana ɗaya, wanda sau da yawa shi ne mafi araha idan yarjejeniyar ba ta ɗora tarar makara ba. Zai iya ɗauko wani mai lantarki na kwana ɗaya, kuma a nan hikima ita ce a tura baƙon hannun Rayfield ranar Talata, bayan gwanin ya riga ya sa alamar inda kowane bututu zai bi, maimakon a tura shi gwajin layukan da bai san yadda aka zura su ba, domin gano kan wayoyin da wani ya zura kan cinye rabin wuni. Zai kuma iya neman ƙarin awanni, a cusa awa 32 na Rayfield da Farin Gada cikin kwana uku, wato kusan awa 11 kullum. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi rauni a Jos, musamman a damina, wadda ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba kuma ta fi ƙarfi a Yuli da Agusta, saboda aikin saman dakin a fili ake yin sa, ruwan yamma kuma kan tsayar da shi. Bayan haka, bututun da aka manta cikin gaggawa ba ya gyaruwa da zarar kankare ya kama, sai dai a fasa.

Manhajojin tsara aiki suna yin wannan lissafi da kansu. A Microsoft Project, aikin da aka lafta wa mutum fiye da kima yakan fito da jar alama mai siffar mutum, kuma a ƙarƙashin Resource akwai Level Resource na mutum ɗaya da Level All na kowa. Zaɓin Level only within available slack shi ne hanyar nan ta biyu da ba ta taɓa ranar kammalawa, aikin da aka ba Priority na 1000 kuma manhajar ba ta matsar da shi. Sai dai manhaja ba ta san an yi hayar inji ranar Laraba ba sai an gaya mata, kuma idan an ajiye jadawalin wuraren uku a fayil uku da ba su haɗa jerin ma'aikata ba, ba za ta taɓa ganin karon ba. Ga kamfani mai wurare uku, takarda mai layin ranaku da sunayen ƙwararru ta isa.

Kuskuren da ya fi lalata sakamako shi ne ɗaukar awa 40 a matsayin abin da ke hannu da gaske. Mutumin da zai je kasuwa sayen waya da kansa, ya amsa kiran gyara a ginin da aka miƙa a baya, ya kuma tafi masallaci ranar Juma'a, ba shi da awa 8 na aikin hannu kullum, kuma jadawalin da aka cika masa maƙil zai karye a rana ta farko da wani abu ya gitta. Ya kamata kowane ɗan kwangila ya auna awannin da gwaninsa ke samu a zahiri cikin 'yan makonni, ya gina lissafinsa a kan wannan adadi, sannan ya zauna da masu kula da wurarensa kowace Asabar su duba makonni biyu masu zuwa suna bin sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, tun kafin a kira leburori a biya kuɗin hayar inji.