Bayan 'Yan Fashi Sun Tafi: Yadda Mai Shago Za Ta Rubuta Wa Kotu Abin Da Ya Same Ta

Idan kika zaga lungunan Gawuna a ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano, ko maƙwabtanta irin su Gama da Tudun Wada da Gwagwarwa, za ki ga gidaje da yawa an fasa zaure ko ɗakin ƙofar gida an mayar da shi shagon kayan masarufi. Wani shagon na maigida ne, wani kuwa na matar gida ce, ita ta tara jarin da adashe, ɗanta ko ƙanenta yake zama mata. Da irin wannan shago ake cefane, da shi ake biyan kuɗin makarantar boko da na Islamiyya. Saboda haka ranar da aka wayi gari 'yan fashi sun shiga, ba shago kaɗai aka taɓa ba, tukunyar gidan aka taɓa.

Abin da muka saba shi ne 'yan jaje su cika gida, a ce "Allah Ya mayar da alheri", bayan kwana uku kowa ya kama gabansa. Idan an yi sa'a an kama ɓarayin, sai a je kotu a yi ta maganar abin da suka aikata, amma da wuya ki ji an tambayi mai shagon yadda rayuwarta ta koma. To, a kan wannan giɓi ne za mu tattauna a wannan wata, wato takardar da wanda aka zalunta yake rubutawa don ya bayyana wa alƙali asararsa da tsoronsa da abin da ya biyo baya.

Wace irin takarda ce?

Kada ki haɗa ta da bayanin da ake bayarwa a ofishin 'yan sanda. Bayanin 'yan sanda yana amsa tambayar me ya faru: ƙarfe nawa, su nawa ne, wane makami suka riƙe. Ita kuwa wannan tana amsa tambayar me abin ya jawo miki. An fara amfani da ita a gundumar Fresno ta jihar Kalifoniya a Amurka a 1976, kuma a 1991 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a saurare ta har a shari'ar kisa. Ingila ta shigar da ita cikin tsarin shari'arta a 2001.

A nan gida ba a saba miƙa wa mutum fom a ce ya cike ba, sai dai doka ta bar ƙofa a buɗe. Sashe na 78 na dokar Final Kod ya ba alƙali ikon umartar wanda aka samu da laifi ya biya diyya ga wanda ya cutar, kuma dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta ƙarfafa batun diyya da mayar wa mai kaya kayansa. Amma alƙali ba ya duba, bai san gaibu ba. Abin da ba a kawo gabansa da hujja ba, ba zai lissafa shi ba.

Mu ɗauki misali

Mu ƙaddara wata uwar 'ya'ya biyar ce mai shago a zauren gidansu a Gawuna, tana sayar da kayan shayi da sabulu da taliya, tana kuma da na'urar cirar kuɗi ta POS. Ɗanta mai shekara 15 ne yake zama mata da dare. Wajen ƙarfe tara wasu samari uku suka shigo da wuƙa da ɗanbida, suka sari yaron a hannu, suka kwashe abin da suka samu. Kuɗaɗen da za ki gani a ƙasa na misali ne kawai, don ki ga yadda ake tsarawa. Takardarta za ta kasu gida uku.

Kashi na farko: asarar dukiya

Ga yadda za ta rubuta: "Sun ɗauki cinikin yini Naira 85,000 daga aljihun tebur, da kuɗin hannu na POS Naira 240,000. Sun ɗauki katan-katan na madara da man gyaɗa waɗanda na saro a kan Naira 130,000, da wayar shago ta Naira 70,000. Na gyara ƙofa da kwaɗo a kan Naira 35,000, ɗinkin hannun ɗana da magani sun ci Naira 28,000. Jimla Naira 588,000. Shagon ya yi kwana 18 a rufe, ribar da nakan samu a yini kuwa ba ta gaza Naira 6,000, wato na rasa Naira 108,000. Gaba ɗaya Naira 696,000."

Ki lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, ta rubuta kayan a kan kuɗin sari, ba a kan kuɗin da za ta sayar ba, domin kuɗin sari shi ne yake da rasit. Na biyu, ta raba ciniki da riba. Mata da yawa a nan suke tuntuɓe, sai su ce sun yi asarar cinikin kwana 18 gaba ɗaya, alhali kayan da ba a sayar ba suna nan a kan kanta. Lauyan wanda ake tuhuma yana gano wannan zai kama shi ya ce duk lissafin ƙari ne.

Kowane layi yana son shaida: rasit ɗin dila na Kasuwar Singa, bayanin shige da ficen kuɗi daga banki ko kamfanin POS, kwalin waya mai lambarta, katin asibiti, da hoton ƙofa da na rauni kafin a gyara ko ya warke. Idan dila ba ya ba da rasit, a roƙe shi ya rubuta abin da aka saya ya sa hannu. Idan kuma sun haɗa da littafin bashi, ta zauna a cikin kwana biyun farko ta rubuta masu bashin da take iya tunawa, tun kafin mantuwa ta cinye su.

Kashi na biyu: tsoro

A nan ba a son dogon Turanci ko kalmomin ban tausayi. Faɗar "na tsorata ƙwarai" ba ta nuna wa alƙali komai. Abin da yake shiga zuciya shi ne abin da ake iya gani:

"Ina cikin gida ina kwashe tuwo na ji ihun ɗana. Na fito ba mayafi na tarar da shi cikin jini. Tun daga ranar ba na yin barcin da ya wuce awa uku, ina tashi in duba sakata sau biyu ko uku kafin asuba. Idan babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi. Ɗana ya daina fita sallar isha'i masallaci sai da babansa, autata mai shekara shida kuma ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa."

Uwargida, wannan ba raunin imani ba ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Likitoci sun san shi: mafarkin abin da ya faru, firgita da ƙaramin motsi, gudun wurin da abin ya auku, saurin fushi. A makonnin farko yawancin mutane suna jin haka, kuma yakan lafa da kansa. Amma idan ya haura wata guda bai ragu ba, har yana hana aiki ko karatu, to lokacin ganin likita ya yi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Bayan magani, takardar likita tana zama hujja a kotu.

Kashi na uku: abin da ya daɗe

Wannan shi ne kashin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi ciwo. "Da ina rufe shago ƙarfe goma, yanzu da an kira magariba nake rufewa, alhali tsakanin magariba da isha'i ne masu sayen kayan shayi suka fi zuwa. Na ajiye sana'ar POS domin jarin ya tafi. Naira 100,000 daga cikinsa na ƙanwata ne, har yau ban biya ta ba. Na kasa zubin adashe wata biyu, an ba wata kwasata. Hannun ɗana bai gama lanƙwasuwa ba, rubutu yana ba shi wuya a makaranta."

Tun da irin wannan ba ya bayyana a rana ɗaya, sai ta sami ɗan littafi tana rubutawa da kwanan wata. Shari'ar fashi takan ɗauki watanni ko shekaru, domin kotun majistare tsarewa kawai take yi, sai Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara sannan a kai Babbar Kotu. Ranar da za a kira ta, ƙwaƙwalwa ta riga ta zubar da rabi.

Wa za ta ba, kuma me za ta guje wa?

Ta rubuta da Hausarta, shafi ɗaya ko biyu, ta sa hannu da kwanan wata. Idan wani ne ya rubuta mata, a karanta mata kafin ta dangwala. Ta ajiye kwafi, ta miƙa ɗaya ga ɗan sanda mai bincike, ɗaya ga lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, ta kuma gaya masa ƙarara cewa tana son ya roƙi kotu diyya da mayar mata da duk kayan da aka ƙwato.

Kada ta yi zagi ko tsinuwa a ciki, kada ta tsara wa alƙali hukuncin da zai yanke, kada kuma ta ambaci sunan wani ɗan unguwa a kan zato. Uwa-uba kada ta ƙara ko sisin kwabo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga kuma nauyin shaidar zur a wurin Allah. Idan dangin waɗanda aka kama suka fara sintiri da roƙo ko barazana, kada ta karɓi kuɗi a ɓoye. Ta sanar da maigida da mai gabatar da ƙara.

Gaskiyar da ya kamata ki sani

Takardar nan ba ta tabbatar da laifi, shaidu ne suke yin wannan. Haka kuma hukuncin fashi doka ta riga ta yanke shi: dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga fashi, da kisa idan an yi amfani da makami ko an ji wa wani rauni. Sannan ko kotu ta ba da umarnin diyya, sau da yawa wanda aka ɗaure ba shi da abin biya.

To mene ne amfaninta? Da ita ake neman kayan da aka ƙwato, da ita alƙali zai san adadin da zai rubuta idan zai ba da diyya. Ko ba a kama kowa ba, ita ce za ki nuna wa dila ya ɗaga miki ƙafa, ki nuna wa uwar adashe da 'yan'uwan da suka sa kuɗinsu, don kada zargi ya shiga tsakani. Kuma duk wadda ta zauna ta jera abin da ya same ta a takarda, ta san daga inda za ta fara gyara.

Idan maƙwabciyarki ce abin ya faɗa wa, ki je jaje da biro da littafi a jaka, ki zauna ki taya ta lissafi tun abin yana sabo. Allah Ya tsare mu da iyalanmu da dukiyoyinmu, Ya mayar wa waɗanda aka zalunta da mafificin alheri, amin.