Shawara: abin da lambobi biyu na gwajin bilirubin ke faɗa game da hanta

Idan farin idon mutum ya koma ruwan ɗorawa a Fakku, ko a Kebbe da Tambuwal, suna ɗaya ake ba abin: shawara. Sau da yawa kuma jiƙo ake fara nema kafin a tuna da asibiti. Amma shawara alama ce kawai, kuma cututtukan da ke kawo ta sun sha bamban, har maganin wata kan zama ɓata lokaci ga wata. Abin da ke fara rarrabe su shi ne lambobi biyu a takardar gwajin jini, Total Bilirubin da Direct Bilirubin.

Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 suna aiki kafin su tsufa a farfasa su, akasari a cikin saifa. Daga ragowarsu bilirubin ke fitowa. A wannan mataki ɗanye ne, ba ya narkewa a ruwa, don haka ƙoda ba ta iya fitar da shi. Sai hanta ta sarrafa shi ya zama mai narkewa, ta zuba shi cikin ruwan maɗaciya, ya gangara hanji ya ba bayan gida launinsa. Lambar Total jimillar ɗanye da sarrafaffe ce, Direct kuma kusan sarrafaffen kaɗai take nunawa. Idan aka cire ta biyu daga ta farko, abin da ya rage shi ne ɗanyen.

Ga baligi mai lafiya, jimillar ba ta cika wuce 21 µmol/L ba, sarrafaffen kuma bai kai 5 ba. Ido ba ya nuna rawaya sai jimillar ta kai wajen 40 zuwa 50. Wasu ɗakunan gwaji na rubutawa da mg/dL, sai a ninka da 17.

A ɗauka mutum uku sun taso daga Fakku, kowanne jimillarsa 80. Na farko sarrafaffensa 8 ne kacal. Ke nan hantarsa tana aikinta, jini ne ke fashewa fiye da yadda za ta iya kwashewa, kamar yadda ake gani ga masu sikila da masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Shi ƙarancin jini za a bincika, ba hoton hanta ba.

Sauran biyun ne masu wuyar sha'ani. Na biyu sarrafaffensa 50, na uku 65, fitsarin kowanne ya yi duhu kamar shayi, domin sarrafaffen bilirubin na bin ƙoda ya fita. Mai karanta takarda zai iya zaton tazarar 50 da 65 ta isa a yanke hukunci, alhali ba ta isa ba. Lambar Direct tana cewa matsalar na cikin hanta ko a mafitarta, amma ba ta bambanta tsakanin biyun. A nan likita kan duba layukan da ke ƙasa. Idan ALT ta haura ɗaruruwa ko ta wuce dubu, ƙwayoyin hantar ne suka ji rauni, sai a nemi cutar hanta nau'in B da 'yan uwanta, a kuma tambayi mara lafiya irin magunguna da jiƙe-jiƙen da ya sha, tambayar da mutane da yawa kan kauce wa amsa ta. Idan kuwa ALP ce ta ninka sau uku ko fiye, ga ƙaiƙayi, ga bayan gida ya yi fari kamar farar ƙasa, to hanyar maɗaciya ce ta toshe, ko da tsakuwa ko da ƙari. Wannan hoton ciki yake buƙata, wataƙila har da tiyata a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Babu jiƙon da ke buɗe toshiya.

Nisan hanya ma yana da tasiri a kan sakamakon. Haske na lalata bilirubin, saboda haka jinin da aka ɗauko a kan babur cikin rana ba tare da an naɗe kwalbar ba zai iya nuna lamba ƙasa da ta gaskiya. Haka nan bayan doguwar shawara, wani kaso na sarrafaffen kan manne da furotin na jini ya yi makonni bai tafi ba, sai fitsari ya washe, mutum ya ji sauƙi, amma lambar Direct ta ƙi sauka da wuri. Akasin haka ya fi haɗari: hantar da ta daɗe tana ƙanƙancewa na iya ba da lamba mai kyau shekara da shekaru.

Akwai kuma alamun da ba a jiran takarda a kansu. Mai shawarar da ya fara yawan barci da rana, ko magana ba kan gado, ko zubar jini daga dasashi, ko zazzaɓi da rawar sanyi tare da ciwon ciki ta ɓangaren dama, asibiti za a kai shi a ranar.