Waya uku sun isa gwajin farko

Yau kan gwada gem a wayoyin Android za mu tattauna. Kar girman fuska ya ruɗe ku, matsalar tana can ciki. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa MediaTek ne a cikinsu, da injin zane Mali; masu Snapdragon kuwa Adreno suke da shi. Gem zai iya fita tas a Adreno, a Mali hoton ya yi baƙi ƙirin. Don haka ku nemi ɗaya daga kowanne, ku ƙara da ƙarama mai RAM 2GB. Kowacce ku buga minti 20, domin sai waya ta ɗau zafi take rage gudu, gem ya fara sarƙewa. Mu haɗu a shiri na gaba.