Yadda za ka mayar da kowane bidiyon biki ranarsa

Kusan kowane gida akwai mutum ɗaya da ake tara wa bidiyoyin suna da ɗaurin aure da hawan Sallah. Duk wanda zai canja waya sai ya juye masa nasa a kwamfuta. Bayan shekara goma sai ka tarar da bidiyo dubu uku a jaka ɗaya, kuma idan ka ce kwamfuta ta jera su bisa kwanan wata, sai ta nuna maka ɗaruruwa daga cikinsu a rana guda. Wannan ranar ita ce ranar da aka kwafo su, ba ranar da aka yi bikin ba.

Dalili kuwa shi ne bidiyo yana da kwanan wata iri biyu. Na farko kwamfuta ce ke maƙala masa daga waje, kuma yana iya canjawa duk lokacin da aka kwafa ko aka tura. Na biyu yana cikin cikin fayil ɗin, waya ce ta rubuta shi lokacin da aka ɗauki bidiyon. A fayilolin MP4 da MOV sunansa `CreateDate`, kuma kwafa ba ta taɓa shi. Da shi za mu yi aiki.

Manhajar da ta fi dacewa ita ce ExifTool, wadda Phil Harvey ya fara fitarwa a 2003, kuma kyauta ce. Kafin ka taɓa komai, kwafi bidiyoyin gaba ɗaya ka ajiye a wani wuri daban. Daga nan ɗauki ɗaya wanda ka tabbatar da ranarsa, kamar na Babbar Sallar 2019, wadda aka yi ranar 11 ga Agusta, ka duba shi:

```
exiftool -time:all -s sallah.mp4
```

Za ka ga `FileModifyDate`, wato na waje, da `CreateDate` na ciki. Idan na cikin ya nuna `2019:08:11`, to kana kan hanya.

Sai ka lura da sa'ar, domin a nan ake yawan tuntuɓe. Yawancin wayoyi suna rubuta wannan lokaci da agogon duniya na UTC, wanda Najeriya da Nijar suka riga shi da awa ɗaya. A ce an ɗauki amarya tana shiga ɗakinta da sha biyu da rabi na dare, an riga an shiga ranar 5 ga wata. A cikin fayil za a ga `23:30` na ranar 4, sai bidiyon ya faɗa jakar jiya. Maganinsa shi ne ka ƙara `-api QuickTimeUTC`, manhajar ta mayar da lokacin zuwa agogon kwamfutarka. Wasu kyamarorin masu ɗaukar biki kuma lokacin gida suke rubutawa kai tsaye. Za ka gane su idan bayan gyaran sa'ar ta wuce ta gaskiya da awa ɗaya. Irin waɗannan ka ware su, ka jera su ba da wannan ƙari ba.

Akwai kuma waɗanda suka zo ta WhatsApp. Sau da yawa babu lokacin ɗauka a cikinsu, sai jerin sifiri. Sunansu ne ke taimakawa: `VID-20190812-WA0007.mp4` na nufin ya shigo wayar ranar 12 ga Agusta 2019. Amma ranar isowa ce kawai. Mai yiwuwa washegarin Sallah aka turo, mai yiwuwa kuma tsohon bidiyo ne wani ya tono. Nemo duk masu `WA` a sunansu ka kai su jakarsu daban, ka bi su da ido daga baya.

Ragowar kuwa layi ɗaya ya ishe su. A ce suna cikin jakar `Tari`:

```
exiftool -r -api QuickTimeUTC -ext mp4 -ext mov -d "Jere/%Y/%m-%d" "-Directory<CreateDate" Tari
```

Manhajar za ta buɗe jaka ga kowace shekara, a ciki kuma jaka ga kowace rana, ta kwashe kowane bidiyo ta kai shi. Na Sallar nan zai koma `Jere/2019/08-11`. Fara gwadawa da guda ashirin. Idan fayil biyu suka zo da suna ɗaya a rana ɗaya, ba za ta danne ɗaya da ɗaya ba. Za ta bar na biyun inda yake, ta sanar da kai.

Bayan an gama, leƙa jakunkunan shekaru. Idan ka ga 1970 ko wata shekarar da ba a ma sayi wayar ba, agogon na'urar ne ba a saita ba, manhaja kuma ba ta da yadda za ta san gaskiya. A nan sai ka koma wa mutane. Nuna wa Hajiya bidiyon, da ta ga ankon da mata suka sa za ta gaya maka bikin wace ce, da kuma yaron da ake goye da shi a lokacin. Abin da ta faɗa ka rubuta shi a sunan jakar, kusa da kwanan watan.